Yadda Ake Fitar da Hammata da Wuyan Rigar Sanyi a Saƙa

Jikin rigar sanyi daga ƙugu zuwa ƙirji ba ya ba kowa wahala, domin saƙa ce miƙaƙƙiya, layi bisa layi. Inda hannu yake fara rawa shi ne idan an iso hammata, daga nan kuma sai wuya. Na ga rigunan da aka yi makonni ana saƙawa, zare mai kyau, hannu mai tsabta, amma kafaɗa ta zubo har dantse, ko kuma wuya ya ƙi shiga kai. Duk ranar da na bincika sai in tarar abu ɗaya ne ya faru, wato an yi ragin da ka, ba a zauna an lissafa ba. Lanƙwasar hammata da ta wuya lissafi ne yake fitar da su, kuma tsarinsu iri ɗaya ne: a rage da yawa a farko, a sassauta a hankali, sannan a miƙe. Zan bi da ke ta kan rigar babban mutum guda ɗaya, mai zagayayyen wuya da hannun da ake ɗinkawa daga baya, ki ga yadda kowace lamba ta samu, don ki iya sauya ta da taki.

Kafin mu fara, ga kalmomin da zan riƙa amfani da su. Ido shi ne kowane zoben zare da ke kan kibiya. Fuska ita ce gefen da zai kasance a waje, mai sulɓi, baya kuwa shi ne mai gurza-gurza. A layin fuska ana yin saƙar gaba, a layin baya ana yin saƙar baya. Rufe ido shi ne a tsallakar da ido ɗaya ta kan na gabansa ya fita daga kibiya gaba ɗaya.

Kayan aiki

Ulu matsakaicin kauri, da kibiyoyi masu kaurin milimita 4 na jiki, da masu milimita 3.5 na bakin wuya. Idan kina da kibiya mai igiya wadda ake saƙa zagaye da ita, mai tsawon santimita 40, ita ta fi dacewa da wuya. Sai tef na awo, da almakashi, da babbar allura mai dakusasshen baki ta ɗinke saƙa, da babban fil na ajiye idanu. In babu fil ɗin, guntun zare mai wani launi ya wadatar, a zura shi cikin idanun a ɗaure. Abu na ƙarshe, wanda ni a wurina ya fi almakashi muhimmanci, shi ne takarda da fensir.

Mai keken saƙa za ta buƙaci 'yan cokulan ɗaukar ido, mai baki ɗaya da mai baki uku, da ƙananan nauyi masu ƙugiya na ratayawa a gefe, da tarkacen zare na sauke aiki.

Mataki na 1: Gwaji

Ki ɗora ido 30 ki saƙa kamar santimita 15. Ki rufe, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe ba tare da kin ja shi ba. Sannan ki aza tef a tsakiyarsa, ba a baki ba, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10 a kwance, layi nawa ne a santimita 10 a tsaye. A misalinmu an samu ido 22 da layi 30. Ke nan kowace santimita tana cin ido 2.2 a faɗi, layi 3 a tsawo.

Mutane da yawa suna ƙirga ido su manta da layi. A jikin riga wannan ba ya cutarwa, tunda tef ne yake gaya miki inda za ki tsaya. A hammata da wuya kuwa da layi ake rarraba ragi, don haka in lambar layinki ba daidai ba ce, lanƙwasar za ta ƙare da wuri ko ta zarce.

Mataki na 2: Awo da mayar da shi idanu

Awo biyar kike buƙata. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauko wata rigar sanyi da ta zauna wa mai rigar daidai, ki shimfiɗa ta ki auna.

Faɗin gaba daga gefe zuwa gefe a ƙirji: santimita 50, wato ido 110. Ki ƙara ido 2, ɗaya kowane gefe, waɗanda ɗinki zai cinye, ya zama 112.

Faɗin kafaɗa, daga ƙashin kafaɗa zuwa ɗan'uwansa: santimita 38, wato kusan ido 84. Da na ɗinki 2, ya zama 86.

Zurfin hammata a tsaye: santimita 20, wato layi 60.

Faɗin wuya: kamar santimita 16. Lissafi ya ba da 35, amma za mu ɗauki 36, domin idan aka cire 36 daga 86 saura 50, wanda ya rabu biyu daidai, kowace kafaɗa ido 25. Ki riƙe wannan: in jimillar idanunki tana rabuwa biyu, to na wuya ma su zama masu rabuwa biyu, in ba haka ba kafaɗa ɗaya za ta fi ɗaya.

Zurfin wuya ta gaba: santimita 8, wato layi 24.

Awon kafaɗa shi ne wanda aka fi kuskurewa. Kada ki auna har kan dantse. Ki taɓa da yatsa ki ji inda ƙashin ya ƙare, nan ne iyaka. Saƙa tana da nauyi, hannun riga zai ja kafaɗar ƙasa da kansa, saboda haka in za ki yi kuskure gara ya zama wajen ragi ne.

Mataki na 3: Hannun dama da hannun hagu na ragi

Ragi iri biyu ne, kuma kowanne yana da inda yake karkata. Na farko, ki soka kibiya cikin ido biyu lokaci ɗaya ta gaba ki saƙa su tare. Wannan yana kwantawa dama. A takardun fasali na Turanci shi ake rubutawa k2tog. Na biyu, ki zame ido ɗaya zuwa kibiyar dama kamar za ki yi masa saƙar gaba, ki zame na biyu haka nan, sannan ki soka kibiyar hagu ta gabansu ki saƙa su tare. Wannan yana kwantawa hagu, shi ne ssk.

A farkon layin fuska bakin saƙa yana matsawa hagu ne, don haka mai kwantawa hagu ake sa wa. A ƙarshen layi baki yana matsowa dama, sai a sa mai kwantawa dama. In kin yi iri ɗaya a gefe biyu, rigar ba za ta warware ba, amma gefe ɗaya zai fito da layi mai santsi, ɗayan kuma kamar haƙoran zarto, kuma duk mai ido zai gani.

Kada ki yi ragi a kan idon baki. Ki saƙa ido 2 tukuna, ki rage, ki ci gaba har saura ido 4, ki rage, ki saƙa 2 na ƙarshe. Bakin zai fito miƙaƙƙe, kuma ranar ɗinki za ki ga inda allura za ta bi ba tare da lalube ba.

Mataki na 4: Hammata

Muna da 112, muna son 86. Bambancin 26 ne, wato 13 kowane gefe. Yadda za a raba 13 ɗin nan shi ne dukan aikin. Kusan rabi ake rufewa lokaci ɗaya, domin ƙasan hammata a kwance yake. Sauran a rage su ɗaya-ɗaya, da sauri a farko, sannan a tsaitsaya. Kuma a gama komai cikin kashi ɗaya bisa uku na zurfin hammata, wato layi 20 daga cikin 60.

Ki fara sabon ƙirgen layi daga nan. A layi na 1, na fuska, ki rufe ido 6 a farko ki saƙa sauran. A layi na 2, na baya, ki rufe 6 a farko. Saura 100. Ana rufewa ne a farkon layi kawai, domin nan zare yake, shi ya sa gefe ɗaya yake riga ɗaya da layi guda. Wannan ba aibi ba ne, ba ya nunawa.

Daga layi na 3, ki rage ɗaya a kowane gefe a duk layin fuska, sau 5: layi na 3, 5, 7, 9 da 11. Saura 90. Sai ki sassauta, ki rage sau biyu kacal da tazarar layi huɗu, a layi na 15 da na 19. Saura 86. Ki tsaya ki ƙirga su a kan kibiya, sau biyu. Daga nan saƙa ce miƙaƙƙiya.

Idan kin shimfiɗa aikin za ki ga bakin ya shiga a kwance, ya hau a karkace, sannan ya miƙe a hankali kamar gindin ƙwarya. In kin ga kusurwa mai kaifi inda ragi ya ƙare, kin tsallake ragi biyun nan masu tazara. In kuma aka ja ragin har rabin hammata ko fiye, yadi zai taru a gaban hammata ya yi jaka idan an sa rigar.

Wajen auna zurfi, ki aza aikin a kan tebur, ki sa tef a tsaye daga layin da kika rufe 6. Kada ki bi lanƙwasa da tef, kuma kada ki auna yana rataye a kibiya, nauyinsa zai yi miki ƙarin da babu shi. Ni dai na fi yarda da ƙirgen layi a kan tef, domin shi ne yake sa gaba da baya su zo daidai.

Bayan riga haka ake yi masa har layi na 60. Daga layi na 61 sai gangaren kafaɗa: ki rufe 8 a farkon layi huɗu a jere, sannan 9 a farkon layi biyu. Kowace kafaɗa ta ci 25, saura 36 na ƙeya. Za ki iya barin su a kan fil, amma ga rigar babba na fi son a rufe su, domin rufin yana zama kamar igiya da ke hana ƙeya buɗewa bayan an sha wanki. Ga rigar jariri, wanda kansa babba ne a kan jikinsa, barin su a fil ya fi.

Mataki na 5: Wuyan gaba

Gangaren kafaɗa ya ƙara layi 6, ke nan tsayin riga a gefen wuya layi 66 ne. A cire 24 na zurfin wuya, saura 42. Saboda haka za ki saƙa gaba kamar baya har layi na 42, wuya ya fara a na 43.

Ido 36 za su tafi. Na tsakiya, waɗanda ake rufewa lokaci ɗaya, su kai tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabi. Mun ɗauki 16. Saura 20, wato 10 kowane gefe, a raba su daga babba zuwa ƙarami: 3, 2, 2, 1, 1, 1. Ki rubuta wannan jerin a takarda, kina sokewa kina tafiya.

A layi na 43 ki saƙa ido 35, ki rufe 16, ki ƙarasa. A nan akwai wani ɗan tarko da ya kama kusan duk wadda na koya wa. Bayan kin saƙa 35, sai kin saƙa wasu 2 sannan ki tsallakar da na farkonsu a kan na biyu. In kika tsallakar da na 35 ɗin, kin ci kafaɗa. Haka kuma idan kin gama rufe 16, ido ɗaya zai rage a kibiyar dama bayan giɓin, shi ne na farko a ɗaya ɓangaren, don haka 34 za ki ƙara saƙawa. Ki ƙirga, 35 nan, 35 can.

Ki kwashe 35 na farko ki sa a fil, ki ci gaba da ɓangaren da zare yake. Layi na 44 na baya ne, zai kai ki bakin wuya. A farkon layi na 45 ki rufe 3, a na 47 ki rufe 2, a na 49 ki rufe 2. A layi na 51, 53 da 55 ki saƙa ido ɗaya ki yi ragi mai kwantawa hagu. Saura 25. Ki miƙe har layi na 61. A wannan ɓangaren layin baya ne yake farawa daga hammata, don haka kafaɗa za ta rufu a layi na 62, 64 da 66: 8, 8, 9.

Ki koma ɗaya ɓangaren, ki mayar da idanun kan kibiya, ki haɗa zare a bakin wuya bayan saƙa yana kallonki. Wannan shi ne layinsa na 44. Ki rufe 3 a nan, 2 a na 46, 2 a na 48. A layi na 51, 53 da 55 ki saƙa har saura ido 3, ki yi ragi mai kwantawa dama, ki saƙa na ƙarshe. Kafaɗarsa a layi na 61, 63 da 65.

Kuskuren da ya fi ciwo a nan shi ne a yi ɓangare na biyu da ka, ana cewa ai an tuna. Sai an haɗa kafaɗu a ga wuya ya karkace gefe guda. In kin san hankalinki yana rabuwa, ki bar ɓangarorin biyu a kibiya ɗaya, kowanne da ƙullin zarensa, ki riƙa saƙa su tare layi-layi.

Rufi hawa-hawa yana barin baki kamar matakala, kuma kowane hawa yana iya zama rami idan an zo ɗebo idanun da za a saƙa bakin wuya da su. Ga maganinsa. Rufin farko ki yi shi yadda kika saba. Daga na biyu, a layin da zai kai ki bakin wuya, kada ki saƙa idon ƙarshe, ki juya aikin yana nan. Yanzu yana kibiyar dama. Ki zame ido ɗaya daga hagu ba tare da saƙawa ba, ki tsallakar da wancan a kansa. Kin rufe ɗaya ke nan, ki ƙarasa sauran kamar kullum. Hawan zai kwanta ya zama gangare. Wannan dabarar tana aiki a kafaɗa ma.

Mataki na 6: Hannun riga, inda ƙari yake shigowa

Hannu yana farawa daga wuyan hannu da ido 50, ya kai 78 a dantse. Ƙarin 28 ne, wato sau 14, ɗaya kowane gefe. Tsawon daga saman roba, wato saƙar nan mai miƙewa ta wuyan hannu, zuwa hammata santimita 40 ne, layi 120. Ki ware layi 8 na ƙarshe su tafi ba ƙari, saura 112, a raba da 14, ya ba da 8. A kowane layi na takwas za ki ƙara. In lissafinki bai rabu daidai ba, ki yi wasu da tazarar 6 a ƙasa, sauran da tazarar 8 a sama, don ƙarin ya riƙa faɗowa a layin fuska.

Ƙarin da ba ya nunawa shi ne na zaren da ke kwance tsakanin ido biyu. Ki ɗaga shi da kibiyar hagu ki saƙa shi a murɗe. In kin ɗaga daga gaba, ki saƙa ta bayansa, zai karkata hagu. In kin ɗaga daga baya, ki saƙa ta gabansa, zai karkata dama. Alamar kin yi daidai ita ce kibiya ta ɗan yi gardamar shiga. In ta shige salin-alin, ba ki murɗe ba, kuma za ki ga ɗan rami a ƙarƙashin sabon idon. Shi ma ido 2 daga baki ake yin sa.

Kan hannu dole ya yi daidai da ramin da zai shiga. Ki rufe 6 a farkon layi biyu kamar na jiki, saura 66. Ki rage ɗaya kowane gefe a duk layin fuska sau 16, saura 34. Ki rufe 2 a farkon layi huɗu, sannan 4 a farkon layi biyu, ki rufe 18 da suka rage. Kafin ki yanke zare, ki tsayar da tef a kan gefensa ki bi bakin kan hannu da shi, ki gwada da zagayen hammata gaba da baya. Kan hannu ya yi daidai ko ya ɗara da santimita ɗaya zuwa biyu. In ya gaza, ɗinki zai tattare jikin riga, sai ki warware saman ki ƙara 'yan layuka a tsakiyar gangaren.

Mataki na 7: Bakin wuya

Ki ɗinke kafaɗu biyu. Da ƙaramar kibiya, fuska tana kallonki, ki fara ɗebo idanu daga ɗinkin kafaɗar hagu. Inda aka rufe ido, ki ɗebo ɗaya a kowane ido. Inda baki yake tsaye, ki ɗebo 3 a kowane layi 4, ki tsallake na huɗu. Dalili shi ne ido ya fi layi faɗi, 22 ne a kan 30, in kin ɗebo a kowane layi bakin zai yi yawa ya tashi kamar kunnen tulu. A rigarmu lissafin zai ba da 12 a tsaye, 7 a gangare, 16 a tsakiya, 7, 12, da 36 na ƙeya, jimilla 90. Wannan ya yi wa roba mai ɗaya gaba ɗaya baya. In mai biyu-biyu kike so, ki kai shi 92.

Ki soka kibiya cikakken ido ɗaya daga baki. Idan kin iso kusurwa kin ga rami, kada ki ɗebo a cikinsa, domin buɗe shi za ki ƙara yi. Ki soka a idon da ke kusa da shi mai ƙarfi, ramin zai koma ciki ya ɓuya.

In ba ki da kibiyar zagaye, ki ɗinke kafaɗa ɗaya kawai, ki ɗebo idanun da miƙaƙƙun kibiyoyi tare da ƙarin 2 na ɗinki, ki saƙa robar a shimfiɗe, daga baya ki ɗinke ɗaya kafaɗar har bakin wuya.

Ki saƙa roba santimita 3. Rufin ƙarshe shi ne inda na taɓa ƙonewa. Na gama wata riga da na yi wa ƙanena, na rufe wuyan tsaf da ƙaramar kibiya, na yanke zare, na ɓoye bakinsa. Da ya zo sawa ta tsaya masa a goshi, ya ja har na ji zaren yana ƙara. Dare guda na yi ina tsince rufin da allura. Zagayen kan babban mutum yana kaiwa santimita 54 zuwa 58, ramin wuyanmu kuwa bai kai haka ba, miƙewar saƙa ce take cike giɓin, kuma layin rufi shi ne wanda ba ya miƙewa. Ki rufe da kibiya mai milimita 4.5 ko 5 a hannun dama, kina bin robar, gaba a gaba, baya a baya, hannu a sake. Ki zura kanki a ciki kafin ki taɓa almakashi.

Ga mai keken saƙa

Lissafin bai canza ba, amma ki yi gwajinki a keken, ki bar shi ya huta kwana ɗaya kafin awo, domin nauyi yana ja saƙa ta yi tsawo ta tsuke. Keken da tazarar alluransa milimita 4.5 ce siririn zare yake so, lambobinki za su fi na misalin nan yawa. Ki mayar da agogon ƙirga layi sifiri a farkon hammata, kuma ki tuna bayan saƙa ne yake kallonki.

Ana rufe ido ne a gefen da kan keke yake, tunda can zare yake. Ragi kuwa ana iya yin sa a gefe biyu a layi ɗaya: ki ɗauki idanu uku na baki da cokali mai baki uku, ki matsar da su allura ɗaya zuwa ciki, sannan ki tura allurar da ta zama fanko can baya inda ba ta aiki. In kika manta da ita a gaba, za ta kama zare ta mayar miki da idon da kika rage. Ƙari kishiyar haka ne: ki fito da sabuwar allura, ki matsar da idanun baki waje, ki cike allurar da ta zama fanko da ɗan dunƙulen da ke ƙarƙashin idon maƙwabciyarta.

A wuya ba sai kin rufe hawa-hawa ba. Ki turo alluran tsakiya da na ɗaya ɓangaren gaba can, ki saita kan keke ya tsallake su. Duk sanda jerin ya ce 3 ko 2, ki turo wannan adadin a gefen wuya lokacin da kan keke yake gefen hammata, ki saƙa layi, ki zagaya zare ta ƙarƙashin allurar farko da ke jira, ki dawo. Zagayen nan ne yake hana rami. Ki riƙa matsar da ƙananan nauyi sama a ƙarƙashin ɓangaren da kike saƙawa duk bayan 'yan layuka, in ba haka ba idanun gefe za su taru su zube. Idan zaren fari ne ko mai laushi, kan keke yana iya goge idanun da ke jira su yi duhu ko su tashi gashi, don haka gara ki sauke wancan ɓangaren a kan tarkacen zare, ki mayar da shi kan allurai idan lokacinsa ya yi.